Baƙin Bayan Gida Mai Danƙo Ba Aikin Basir Ba Ne

*Likita, barka da aiki. Shekarata 51. Na daɗe ina fama da basir, in na yi yunƙuri sosai nakan ga jan jini a abin da na goge, ko ya ɗiga bayan na gama, har na saba da hakan. To yau kwana uku ke nan bayan gidana ya koma baƙi ƙirin, mai danƙo, ga wani irin wari da ban taɓa jin irinsa ba. In na miƙe tsaye da sauri sai jiri ya ɗebe ni. Kusan wata huɗu ina shan dikilofenak safe da dare saboda ciwon baya, ban da shi ba na shan komai. Wani abokina ya ce tsohon jinin basir ne yake fita, in bar shi ya gama. Tun da yanzu babu ja, sauƙi ne ya samu, ko akwai abin damuwa?*

Malam, akwai abin damuwa, kuma ba na son ka kwana da shi. Ka tafi asibiti yau, sashen gaggawa, ka sami wanda zai raka ka, kada ka tuƙa kanka. Daga yanzu kada ka ƙara shan dikilofenak ko ƙwaya ɗaya. Ka sa kwalinsa a aljihu ka tafi da shi. Sauran bayanin nan kana iya karanta shi a hanya, ko ka ba wanda ya raka ka ya karanta maka, amma kada karatunsa ya tsayar da kai.

Abokinka ya yi maka fatan alheri, sai dai bai faɗi daidai ba. Basir jijiyoyi ne da suka kumbura a bakin dubura, a ƙarshen hanya ke nan. Jinin da ya fito daga nan ba shi da inda zai tsaya ya tsufa, da fitarsa daga jijiya da ganinsa a waje duk lokaci guda ne, shi ya sa yake zuwa jajir. Kafin jini ya koma baƙi sai an narkar da shi kamar yadda ake narkar da abinci. Ruwan tsamin da ke cikin tumbi ya taɓa shi, sinadaran narkar da abinci su yi aiki a kansa, ƙwayoyin cutar da ke zaune a hanji su ƙarasa. A wannan doguwar tafiya, wadda takan ɗauki sa'o'i da yawa, sinadarin ƙarfen da ke ba jini launinsa ja yake canzawa ya yi baƙi. Saboda haka baƙin bayan gida irin naka yana nuna cewa jinin daga sama ya taso: ko hanyar da abinci ke bi daga maƙogwaro zuwa tumbi, ko tumbin kansa, ko farkon ƙaramin hanji. Wannan wurin yana da nisan mita da yawa na hanji daga inda basir ɗinka yake.

Kuma ba ɗan jini ne ke yin haka ba. Ana bukatar aƙalla mililita 50 zuwa 100 kafin bayan gida ya yi baƙi irin wannan, wato tun daga kimanin manyan cokula huɗu zuwa sama. Wannan shi ne mafi ƙaranci, na fita ɗaya. Kai kuwa kwana uku kake gani. Ɗigon basir yana tsoratarwa ne saboda ido na ganinsa, ɗigo kaɗan ya isa ya rina ruwan masai gaba ɗaya, alhali abin da ya zuba bai taka kara ya karya ba. Baƙin nan kuwa ba ya kama da jini, shi ya sa mutane da yawa suke zama da shi a gida har sai sun faɗi.

Jirin da kake ji shi ne ya fi tayar mini da hankali. Babban mutum yana da jini kimanin lita biyar a jikinsa, kuma jiki yana iya ɓoye asarar rabin lita ko fiye ba tare da an ga alama ba, ta hanyar matse jijiyoyi da ƙara saurin bugun zuciya. Lokacin da mutum ya fara ganin duhu in ya miƙe tsaye, wannan dabarar ta fara gazawa ke nan: jinin da ya rage ba ya isa ƙwaƙwalwa da sauri in an tashi. A asibiti za su auna bugun zuciyarka da hawan jininka kana kwance, su sake aunawa kana tsaye. Bugun da ya wuce 100 a minti ɗaya alhali kana hutawa, ko wanda ya ƙaru da kamar 30 da zarar ka miƙe, yana nuna an yi asara mai yawa. In kafin ka isa ka yi aman jini, ko amai baƙi-baƙi mai tsaki-tsaki, ko gumi mai sanyi ya karyo maka, ko numfashi ya fara yi maka wuya, ko ƙirji ya riƙe, to a kwantar da kai ta gefe ɗaya a gaggauta, kuma da isa a faɗa wa ma'aikacin farko da aka gani, kada a bi layi.

Zargina ya fi karkata ga gyambon ciki, abin da aka fi sani da olsa, wanda dikilofenak ya haddasa. Tumbi yana zuba ruwan tsami mai ƙarfi, amma ba ya cin kansa saboda akwai wani yauƙi da ya lulluɓe bangonsa, kuma akwai sinadarai da jiki ke yi masu kula da wannan yauƙin da gudanar jini a bangon. Dikilofenak da 'yan'uwansa, irin su ibufurofen da asfirin da firoksikam, suna kashe ciwo ne ta hanyar hana jiki yin waɗannan sinadaran. A baya ko a gwiwa, hakan sauƙi ne. A tumbi kuwa kariya ce aka janye. Ruwan tsamin sai ya riƙa cin bangon a hankali har ya yi rami, ranar da ramin ya kai ga wata jijiya sai jini ya ɓalle. Ta cikin jini maganin yake wannan ɓarnar, don haka shan sa bayan an ci abinci, ko karɓar sa ta allura, ko cusa shi ta dubura, duk ba sa kawar da hatsarin.

Wataƙila ka ce ai cikinka bai taɓa yi maka ciwo ba. Haka abin yake sau da yawa ga masu shan irin wannan maganin. Maganin kashe zafi ne, yana danne zafin gyambon da shi kansa ya jawo, sai ya zama alamar farko ita ce zubar jini. Rashin ciwon ciki ba ya wanke tumbi daga zargi.

Akwai wasu dalilai da likitan da zai duba ka zai so ya cire, kuma amsarka ta gaskiya za ta taimaka masa. Zai tambaye ka ko an taɓa ce maka kana da ciwon hanta, ko idonka ya taɓa yin ɗorawa, ko cikinka na kumbura, ko kana shan giya. Dalili shi ne hantar da ta ƙandare tana tare jinin da ke bi ta cikinta, sai jijiyoyin ƙasan hanyar abinci su kumbura su fashe, kuma wannan zubar tana da saurin kisa, maganinta ma daban ne. Zai tambayi ko ka rame, ko abinci na tsaya maka, ko kana saurin ƙoshi, saboda ciwon dajin tumbi ma yana zubar da jini. Zai kuma sake tambayar magunguna. Ka ce ba ka shan komai ban da dikilofenak, to ka sake tunani a kan duk wani haɗin maganin ciwon jiki ko na mura, domin da yawansu akwai ibufurofen ko asfirin a ciki ba tare da mai sha ya sani ba.

Na san wani mai karatu zai ce shi ma bayan gidansa ya taɓa yin baƙi kuma ba abin da ya same shi. Gaskiya ne, ba kowane baƙi ne jini ba. Ƙwayoyin ƙarin jini masu sinadarin ƙarfe, irin waɗanda ake ba masu juna biyu, suna sa bayan gida ya yi baƙi mai ɗan kore-kore. Maganin ɓacin ciki mai sinadarin bismut yana yin haka, har harshe yakan baƙanta. Gawayin magani ma haka, da wasu abinci masu duhun launi. Bambancin yana wajen kama da wari. Baƙin magani yakan fito da siffarsa, busasshe ko ma da tauri, ba ya sheƙi, warinsa na kullum ne, mai shi kuma garau yake jin jikinsa. Na jini kuwa laushi gare shi, yana sheƙi kamar kwalta, yana manne wa jikin masai ruwa ba ya tafiya da shi da sauƙi, yana da wuyar gogewa, warinsa kuma mai ƙarni ne da ɗoyi wanda duk ma'aikacin jinyar da ya taɓa jin sa yake gane shi tun daga bakin ƙofa. Naka irin na biyun ne, kuma ba ka shan ko ɗaya daga cikin magungunan da za a ɗora wa laifin. Ko ga mai shan ƙwayar ƙarin jini, in baƙin ya zo da danƙo da jiri, kada a ce ai maganin ne. In za ka iya, ka ɗauki hoton bayan gidan da wayarka a wuri mai haske. Ba abin kunya ba ne, yana rage dogon bayani.

Ga abin da za ka tarar a can, don kada wani abu ya zo maka a ba-zata. Za a sa maka allurar ƙarin ruwa a jijiya, a ɗebi jini don a auna himogulobin, wato sinadarin da ake gane ƙarancin jini da shi, a duba rukunin jininka ko da za a bukaci ƙari, a kuma duba aikin ƙoda da hanta da daskarewar jini. Likita zai sa safar hannu ya duba dubura da yatsa don ya ga launin da idonsa. Ka yi haƙuri ka bari, minti ɗaya ne, kuma shi ne yake tabbatar da maganar. Himogulobin na lafiyayyen namiji yana kai giram 13 zuwa sama a kowace desilita. Yawanci ana ƙara wa mutum jini in ya sauka ƙasa da 7, ko ƙasa da 8 in yana da ciwon zuciya, sai dai in jinin na zuba da ƙarfi, nan ba a jiran lamba. Akwai tarko ɗaya a gwajin nan: a sa'o'in farko na zubar jini yana iya fitowa lafiya lau, saboda jinin da ya rage bai riga ya tsinke da ruwa ba. Shi ya sa ake maimaita shi. Idan sakamakon farko ya yi kyau, wannan kaɗai bai isa a sallame ka ba.

Za a ba ka maganin rage tsamin ciki, omefurazol ko ɗan'uwansa, galibi ta jijiya. Amfaninsa a nan shi ne gudan jinin da ya toshe bakin jijiyar ba ya ɗorewa a cikin tsami, in an rage tsamin sai ya zauna. Sannan babban aikin shi ne endoskofi, wato zura siririn bututu mai kyamara ta baki a duba hanyar abinci da tumbi da farkon hanji. An fi so a yi shi cikin sa'o'i 24 da zuwa, bayan an daidaita jikin mutum. Ana fesa maganin kashe zafi a maƙogwaro ko a ba da na sa gyangyaɗi, kuma dubawar kanta ba ta cika wuce minti goma sha biyar ba. Ana son tumbi ya zama babu komai na kimanin sa'o'i shida, don haka kada ka ce bari ka ci ka ƙoshi don ka sami ƙarfi kafin ka fita. Kyawun wannan na'urar shi ne ba gani kawai take yi ba. In an tarar da jijiyar da ke zuba, nan take ake yi mata allura, ko a ƙona bakinta, ko a matse ta da ɗan ƙaramin maƙali na ƙarfe. Idan asibitin da ya fi kusa da kai ba shi da na'urar, duk da haka can za ka fara zuwa, domin ruwa da jini da magani su ne suke riƙe rai har a tura ka inda take.

Mai yiwuwa ka wayi gari ka ji jirin ya ragu, zuciyarka ta ce maka ya wuce. Yawancin irin wannan zubar takan tsaya da kanta, gaskiya ne. Amma wadda ta tsaya tana iya dawowa, musamman a kwana ukun farko, kuma dawowar tana samun jikin da ya riga ya yi asara. Ba wanda zai iya gane wane gyambo ne zai sake ɓallewa sai wanda ya leƙa ya gan shi.

In an tabbatar gyambo ne, akwai abu guda da nake roƙonka kada ka bari a manta: gwajin ƙwayar cutar Helikobakta failori. Tana zama a bangon tumbi shekara da shekaru, ita da magungunan kashe zafi su ne manyan dalilai biyu na gyambon ciki, kuma in suka haɗu a mutum ɗaya hatsarin ya fi yawa. Ana gano ta daga ɗan naman da aka ɗebo lokacin endoskofi, ko ta gwajin bayan gida, ko na numfashi. Zubar jini da omefurazol suna iya sa gwajin ya ce babu alhali akwai, don haka in ya ce babu a wannan lokacin, a sake shi daga baya. In akwai, ana haɗa magungunan kashe ƙwayoyin cuta aƙalla biyu da maganin rage tsami, yawanci na kwana 14, sannan a sake gwaji bayan aƙalla mako huɗu da gamawa don a tabbatar ta mutu. Omefurazol ɗin kuma za ka ci gaba da shi mako huɗu zuwa takwas. In gyambon a tumbi yake, akan sake leƙawa bayan mako shida zuwa takwas don a ga ya warke, a kuma tabbatar ba daji ne ya ɓuya a ƙarƙashinsa ba.

Kada ka firgita in baƙin ya ci gaba na 'yan kwanaki bayan an tsayar da jinin, wanda ya riga ya shiga hanji ne yake ƙarasa fita. Abin lura shi ne ya riƙa raguwa, launin yana komawa daidai, ƙarfinka yana dawowa. In ya ƙaru, ko jiri ya dawo, ka koma nan take.

Ciwon bayan kuma yana nan, na sani, kuma shi ne ya kai ka ga wannan maganin tun farko. Farasitamol ba ya cin bangon tumbi, shi ne za ka riƙe a yanzu, ba tare da wuce giram huɗu a yini ba, ƙasa da haka ma in hanta na da matsala. Ciwon da ya sa mutum shan magani safe da dare wata huɗu yana bukatar a duba shi a kan kansa, a san mene ne, a haɗa da motsa jiki na gashi. Daga yau duk wanda zai rubuta maka magani ko ya sayar maka, ka fara gaya masa cikinka ya taɓa zubar da jini. Masu shan asfirin ko maganin tsinka jini saboda zuciya ko shanyewar ɓarin jiki kuwa, in suka ga irin wannan baƙin su ma su tafi asibiti a ranar, amma likita ne zai yanke lokacin dakatarwa da lokacin komawa, domin barin maganin gaba ɗaya yana da nasa hatsarin.

Saura jan jinin da ka ce ka saba da shi. Wannan sabawar ba ta kwanta mini ba. Jini jajir da ke ɗiga bayan an gama, ko a gan shi a abin gogewa, bai gauraya da bayan gida ba, lallai ya fi kama da basir, in kuma yana tare da zafi kamar yankan reza lokacin fita to tsagewar bakin dubura ce. Jinin da ya cakuɗa da bayan gidan, ko ya yi ja mai duhu, ko ya zo da gudaji, yana nuna daga can cikin babban hanji yake. Wanda ya zo da majina da murɗawar ciki da zawo, musamman da zazzaɓi, ya fi kama da atini ko kumburin hanji. Amma launi yana nuna wajen da za a fara nema ne kawai, kuma yakan yi kuskure ta fuska biyu. Gyambon da ke zuba da ƙarfi sosai yana iya tura jini ya ratsa hanji da sauri ya fito ja, ba tare da ya sami lokacin yin baƙi ba, kuma wannan ya fi kowanne hatsari. Haka nan zubar da ke farkon babban hanji, in tana tafiya a hankali, tana iya fitowa baƙa. Shi ya sa in aka leƙa tumbinka ba a ga komai ba, mataki na gaba shi ne a leƙa ta ƙasa.

Ko da an ga gyambon an yi maganinsa, ina ba ka shawara ka nemi a yi maka kolonoskofi bayan ka murmure, wato duba babban hanji da kyamara ta dubura. Samun basir ba ya hana mutum samun wani abu a sama da shi, kuma ƙari ko ciwon daji da ke ƙarshen babban hanji yana zubar da jan jini wanda ido ba zai bambanta shi da na basir ba. Shekarunka sun kai waɗanda ake fara wannan binciken ko ga wanda bai taɓa ganin jini ba, domin ana farawa ne daga 45 ko 50. Yawancin dajin hanji yana somawa ne da ɗan tsiro da ke ɗaukar shekaru kafin ya rikiɗe, kuma in an gan shi lokacin dubawar, a nan take ake cire shi. Ka gaya wa likita in yanayin fitar bayan gidanka ya canza a watannin nan, ko kana jin kamar ba ka gama ba bayan ka gama, ko wani daga iyayenka ko 'yan'uwanka na jini ya taɓa yin ciwon dajin hanji, domin waɗannan za su sa a matso da ranar. Ka tayar da maganar tun kafin a sallame ka, a rubuta ta a takardar sallama tare da ranar da za ka dawo.

Allah Ya ba ka lafiya, Malam. Ka tashi a hankali, ka zauna a bakin gado na ɗan lokaci kafin ka miƙe, sannan ku kama hanya.